Na gwada GIMP wajen tono launin jar fata daga hoton da ya dusashe

Kawuna baduku ne a Shiyar Madunka, nan Sakkwato, ni kuma nake kula masa da hotunan kaya a waya. Kwanan baya wata mai saye ta nemi a yi mata jaka irin wadda muka taɓa tallatawa bara, launinta sak. Jakar an sayar, wayar da ta ɗauki hoton ta lalace. Abin da ya rage hoton fuskar waya ne guda, an ɗauke shi daidai lokacin da wani saƙo ya faɗo a tsakiya, duk abin da ke bayansa ya yi duhu. Kawu ya duba ya ce, "Ɗana, wannan ai ba jar da na rina ba ce." Gaskiyarsa.

Na buɗe hoton a GIMP 2.10, manhajar gyaran hoto ta kyauta. Tun farko ban ƙara haske da ido ba, domin duhun nan ba na rashin haske ba ne. Wayar ce ta shimfiɗa baƙin mayafi shara-shara a kan hoton, kuma da lissafi ta shimfiɗa shi:

```
C = a*F + (1 - a)*B
B = (C - a*F) / (1 - a)
```

C launin da ake gani, F launin mayafin, harafin `a` kaurin mayafin daga 0 zuwa 1, B kuwa launin asali da nake nema. Layi na biyu na farkon ne aka juya.

Aikin duka yana wurin gano `a`, wato kaurin mayafin. Sai ka samu wuri ƙarƙashin mayafin wanda ka tabbata da launinsa na asali. Nawa farin shafin da ke kewaye da hoton ne, na buɗe shafin a wata waya na tabbatar fari ne tas, 255, ƙarshen ma'aunin launi da ke farawa daga 0. Kada ka dogara da farar takarda ko farar riga da ke cikin hoton, kyamara ba kasafai take ba su 255 ba. Da `Color Picker` na taɓa farin, ya ba ni 102. To 102 cikin 255 shi ne 0.4, wato kaurin mayafin 0.6 ke nan. Tunda baƙi ne, F sifili ce, sai rabawa kawai. Jikin jakar ya nuna ja 62, kore 20, shuɗi 14. Na raba kowanne da 0.4, na samu 155, 50, 35.

Abin da ya sa nake yaba manhajar shi ne ban bi hoton ɗigo-ɗigo ba. A `Colors > Levels`, ƙarƙashin `Input Levels`, na bar baƙi a 0, na sauko da fari daga 255 zuwa 102, wanda shi ne wannan rabawar a kan hoton gaba ɗaya. Da mayafin mai launi ne, da sai na nemi wuri baƙi da wuri fari, in saka lambobinsu a ja, kore da shuɗi daban-daban.

Sau ɗaya na yi tuntuɓe. Na fara gwada shimfiɗa toka a sama da `Divide`, lambobin suka ƙi zuwa daidai da lissafina. Ashe wannan hanyar tana lissafi da ainihin ƙarfin haske, alhali wayar ta gauraya lambobin sRGB ne kai tsaye, wato lambobin launin nan na 0 zuwa 255. A `Levels` ma akwai zaɓi biyu, na tsaya kan `Adjust levels perceptually`. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: ka sake taɓa ɗigon da ka lissafa da hannu, in bai ba ka abin da ke takardarka ba, akwai gyara.

Hoton bai dawo garau ba, kuma ba daga manhajar ba ne. Matakai 256 na kowane launi mayafin ya matse su zuwa 103, kuskuren mataki ɗaya sai ya zama biyu da rabi. Ga shi hoton ya bi ta hannun mutane an yi ta matse shi, sai ƙananan murabba'ai suka fito a inuwar jakar. Don haka na kunna `Sample average` a `Color Picker` na ɗauki matsakaicin wuri mai faɗi. Da kaurin 0.9 ne, matakai kusan 26 za su rage, da ban ba kowa tabbacin launin ba. Akwatin saƙon da ke tsakiya kuwa ya rufe maɓallin jakar ruf, babu abin da lissafi zai tono a wurin.

Na kai wa Kawu wayar cikin inuwar rumfa, saboda ranar Sakkwato ba ta barin a ga fuskar waya. Ya jera fatu uku kusa da ita, ya ɗaga ta tsakiya ya ce ita ce. Maɓallin kuwa da ka ya tuna shi.