Na sa wa bidiyon minti biyu rubutun Hausa da Subtitle Edit

Bidiyon minti biyu ne kacal, wata ma'aikaciyar jinya tana bayani da Turanci kan kula da jariri sabon haihuwa, aka ce in sa masa fassarar Hausa a ƙasan allo. Na zaci aikin rabin awa ne, sai ga shi ya cinye mini yamma guda. Manhajar da na yi amfani da ita Subtitle Edit ce, wadda ake saukewa kyauta, kuma yanzu da na gama zan iya faɗin inda ta taimake ni da inda dole mutum ya taimaki kansa.

Abin da ya fi burge ni shi ne hoton sautin da take zanawa a ƙasa. Kana ganin inda murya ta tashi da inda ta kwanta, sai ka ja gefen rubutun da linzami ya fara daidai lokacin da bakin mai magana ya buɗe. Da kunne kaɗai ana yawan makara, domin kafin ka ji ka danna, maganar ta riga ta wuce. Nakan bar rubutun ya ɗan jima bayan ta yi shiru, sannan in bar 'yar tazara kafin na gaba ya fito, kamar firam biyu, wato biyu daga cikin hotunan da ke jeruwa su zama bidiyo. A bidiyo mai firam 25 a daƙiƙa, wannan milisakan 80 ne. In babu tazarar, ido ba ya lura an canza rubutu.

Amma ainihin wahalar tana wurin saurin karatu. Manhajar tana nuna lamba kusa da Chars/sec, wato haruffa nawa mai kallo zai karanta a daƙiƙa ɗaya, kuma takan yi ja idan an wuce iyaka. Na shiga saitinta na mayar da iyakar 17, tsawon layi kuma haruffa 42, layi biyu a lokaci guda. Na zaɓi 17 ne saboda yawancin waɗanda za su kalli bidiyon a waya za su gani, kuma ba kowa ne ya saba karanta Hausa da gudu ba.

Ga misali. Wata jimla ta ɗauki daƙiƙa 2.8 a bakin matar. Fassarata ta farko ita ce "Kada ku manta ku wanke hannuwanku da sabulu kafin ku taɓa jaririn." Hausa ce mai kyau, amma haruffa 66 ne idan an haɗa da sarari, wanda ya kai sama da 23 a daƙiƙa. Ban iya tsawaita lokacin ba, domin jimla ta gaba ta biyo baya nan take. Dole in rage magana ba tare da na taɓa ma'ana ba. "Kada ku manta" ta tafi, tunda umarnin da kansa ya isa, "hannuwanku" ta koma "hannu". Ga yadda ta zauna a fayil ɗin SRT, wanda ke ɗauke da rubutun da lokacin fitowarsa:

```
5
00:00:12,400 --> 00:00:15,200
Ku wanke hannu da sabulu
kafin ku taɓa jariri.
```

Saurin ya sauko kusan 16, kuma babu abin da uwa za ta rasa daga saƙon. Abin da ban yarda in yanke ba ko kaɗan shi ne adadi, sunan magani, da kalmar korewa.

Wannan ya kawo ni wurin karya layi. Manhajar na iya raba doguwar jimla da kanta, amma tsayi take aunawa, nahawun Hausa aikinka ne. Kada "ta" ko "ya" su tsaya a ƙarshen layi aikatau ya faɗa ƙasa, kada "na" ko "ta" ta mallaka ta rabu da sunan da ke bin ta. Mafi haɗari ita ce "ba … ba". Idan "ba" ta farko ta fito a wani rubutu, ta ƙarshe kuma sai bayan daƙiƙa uku, wanda ya ɗan kau da ido zai karanta akasin abin da aka faɗa. A bidiyon lafiya wannan ba ƙaramin abu ba ne, shi ya sa na bi kowane layi da hannu.

Kuskure ɗaya na yi da kaina: na adana fayil ɗin a tsarin haruffa na ANSI, sai ƙ da ɗ da ɓ suka koma alamar tambaya. Da na mayar da shi UTF-8 na sake buga haruffan, komai ya daidaita. Idan kuwa akwatuna ka gani a madadin haruffan, fayil ɗin lafiya yake, salon rubutun ne ba shi da haruffa masu lanƙwasa. Noto Sans yana da su.

A ƙarshe na tura bidiyon zuwa wayata, na kashe sauti, na kalle shi daga farko. Wurare uku na kasa gama karatu kafin rubutun ya ɓace, duk da lambar ba ta yi ja ba, kuma dukkansu inda matar ke nuna abu da hannu ne, ido ya rabu biyu. Na koma na ƙara taƙaita su.