Wane kibod ya dace da mai rubuta Jamusanci a waya? Batun ß da ss

Mai koyon Jamusanci da ya tashi zaɓar kibod yakan fara duba ko akwai maɓallan ä, ö da ü a fili. Wannan ƙaramin abu ne. Kusan kowane kibod na waya yana da haruffan a ɓoye: ka danna s ka riƙe, ß za ta fito a cikin zaɓin da ke sama, haka ma a, o da u za su ba ka ä, ö da ü. Abin da ya raba kibod mai amfani da mai ɓata rubutu shi ne ƙamus ɗin da ke bayansa, wato wanda yake ba ka shawarar kalma yana kuma gyara maka rubutu ba tare da ka nema ba. Kuma ba za ka iya gane ko ƙamus ɗin yana maka daidai ba sai ka san ƙa'idar da kanka.

Ƙa'idar ba za ta ba Bahaushe wahala ba, domin kunnensa ya riga ya saba da tsawon wasali. Mun san bambancin gari da ake zama a cikinsa da gari na tuwo, duk da cewa rubutunsu ɗaya ne. Jamusanci ma yana da dogon wasali da gajere, sai dai shi yana nuna bambancin a rubuce idan sautin s mai kaifi ya biyo baya. Bayan dogon wasali ana rubuta ß: Straße, Fuß, groß, Spaß. Bayan tagwan wasali, irin ei da au da eu, nan ma ß ce: heißen, weiß, draußen. Bayan gajeren wasali kuwa ss ce: Wasser, Fluss, Kuss, muss, dass. Sautin baƙin ɗaya ne a duka biyun. Wasalin da ya zo kafinsa ne kawai ya canza.

Shi ya sa aikatau ɗaya yake sauya rubutu daga siga zuwa siga, abin da ke rikita masu haddar kalma da ido. A essen wasalin gajere ne, sai ss. A er aß ya yi tsawo, sai ß. A gegessen ya koma gajere. Haka wissen, ich weiß, ich wusste. Haka schließen da schloss. Ka furta kalmar kafin ka rubuta ta, mafi yawan lokaci bakinka zai ba ka amsa.

Akwai iyaka guda da ya kamata a sani. Ba kowane sautin s bayan dogon wasali ne ß ba. Ana rubuta Haus, Gras da Preis da s ɗaya, domin idan aka ja kalmar zuwa jam'i, Häuser, Gräser, Preise, sautin yana laushi ya koma kamar z ɗinmu. Fuß kuwa jam'inta Füße ne, sautin yana nan da kaifinsa. Sai kuma 'yan gajerun kalmomi irin das, was, bis da Bus, waɗanda haddace su kawai ake yi.

Wannan tsari ya zo ne da gyaran ƙa'idar rubutu na 1996. Kafin nan ana rubuta daß, muß da Fluß. Duk wanda yake karatu da tsohon littafin da ya samu a hannu zai ci karo da su, kuma idan ya kwafe su yau kuskure ne. Suwizalan da Lishtenstain kuma ba sa amfani da ß ko kaɗan, ss suke rubutawa ko'ina: Strasse, gross, heissen. A riƙe wannan, domin shi ne tarkon da ya fi kama mutane wajen saita kibod.

To, ga zaɓin da ke gaban mai Android. Gboard, kibod ɗin Google, kyauta ne, kuma ga yawancin mutane shi ya fi dacewa. Ana shiga saitinsa, a taɓa Languages, sai Add keyboard, sai a nemi German. A nan ne za a ga Jamusanci fiye da ɗaya. Wanda yake shirin karatu ko aiki a Jamus ya ɗauki German (Germany). Idan hannu ya zame ya ɗauki German (Switzerland), ƙamus ɗin zai riƙa ba shi Strasse da Grüsse a matsayin daidai, shi kuwa yana ta koyon rubutun da malaminsa zai ja wa jan layi. Gwajin ganowa ba ya ɗaukar minti ɗaya: rubuta Strasse ka dubi layin shawarwari. Idan Straße ta bayyana, kana kan ƙamus ɗin Jamus. Idan ba ta bayyana ba, koma ka duba abin da ka zaɓa.

Bayan harshe sai shimfiɗar maɓallai. Akwai wadda ta fito da ü a ƙarshen layin farko, ö da ä a ƙarshen na biyu. Tana da sauri ga mai dogon rubutu, amma ta ƙara yawan maɓallai a layi, don haka kowanne ya ƙanƙance. A waya mai ƙaramar fuska, mai manyan yatsu zai riƙa taɓa ö yana nufin l. Akwai kuma QWERTZ da QWERTY ba tare da waɗannan maɓallai ba, inda sai an danna an riƙe. Bambancin biyun shi ne wurin z da y: Jamusawa sun musanya su, domin z ta fi yawa a harshensu. Ga mai rubuta Hausa wannan ba ƙaramin abu ba ne, tunda ya, yana, yau da za, zai, zuwa ba sa barin hannunmu. Wanda yake tsalle tsakanin harsunan biyu a yini zai riƙa rubuta za a wurin ya har sai ya saba. Idan ba jarrabawar da ake rubutawa a kibod na Jamusanci ce a gabanka ba, ka bar QWERTY ka ɗora ƙamus ɗin Jamusanci a kanta. A dukkan shimfiɗun nan ß ba ta da maɓallin kanta, a ƙarƙashin s take. Idan jiran yana damunka, a Preferences akwai saitin tsawon lokacin riƙe maɓalli, wanda aka saba bari a kan milisakan 300. Rage shi kaɗan yana sa ß ta fito da wuri, amma rage shi da yawa zai sa haruffan ɓoye su riƙa faɗo maka ba ka kira su ba.

Microsoft SwiftKey shi ne abokin gasar. Ƙarfinsa shi ne haɗa harsuna: a Android yana riƙe har biyar a lokaci ɗaya a kan shimfiɗa guda, Hausa da Jamusanci da Turanci duk suna ciki, ba sai kana sauyawa ba. Ga mai hira da 'yan uwa da Hausa yana kuma amsa saƙon wurin aiki da Jamusanci, wannan sauƙi ne. Amma ga ɗalibi ina ganin aibi ne. Ƙamus uku suna kokawa a kan kalma ɗaya, kuma manhajar tana saurin koyon abin da ka saba rubutawa, har da kuskurenka. Ka rubuta weiss 'yan lokuta, sai ta fara ba ka ita. Maganin shi ne ka danna kalmar a layin shawarwari ka riƙe, ka cire ta. A Gboard ma haka ake yi, a ja ta zuwa kwandon shara da zai bayyana.

Kibod ɗin da ya zo da wayar Samsung yana da Jamusanci, ana saukar da shi daga saitin harsuna, kuma ya isa aikin yau da kullum. Sauran kibod masu ado da launuka da ake samu a wasu wayoyi, a gwada su da Strasse kamar yadda aka faɗa. Wanda bai gyara ba, a maye gurbinsa.

Mai iPhone ba ya bukatar saukar da komai. Hanyar ita ce Settings, General, Keyboard, Keyboards, Add New Keyboard, sai German (Germany). Alamar duniya da ke ƙasa ita ke sauya harshe. Matsalar da aka fi gani a nan ita ce mutum ya tsaya a kibod ɗin Turanci don yana samun ß ta hanyar riƙe s, sai gyaran kai tsaye ya riƙa juya masa kalmomin Jamusanci zuwa na Turanci. Idan wayar ta riga ta haddace kurakurai da yawa, akwai Reset Keyboard Dictionary a ƙarƙashin Transfer or Reset iPhone, amma a sani yana share duk kalmomin da ta koya, har da na Hausa da sunayen mutane.

Wanda zai kashe kuɗi shi ne mai sayen kibod na hannu da ake haɗawa da waya ta bulutut. Wannan yana da ma'ana ga mai shirin jarrabawar Jamusanci ta cibiyar Goethe a kwamfuta, domin ana rubuta ta ne a kan kibod na Jamusanci. A kan sa ß tana dama da 0, ü dama da P, ö da ä dama da L. Kafin a biya a duba hoto a ga waɗannan haruffa a jikin maɓallan. Sai dai rubutun jiki ba shi ke aiki ba: dole a shiga saitin Physical keyboard a wayar a zaɓi German, in ba haka ba ka danna ß alamar ragi ta fito. Wannan kuma yana nufin kibod na Turanci da kake da shi zai yi aikin idan ka sauya saitin ka manna 'yan takardu a kan maɓallan.

Mu gwada jimla guda: Ich weiß, dass die Maße der Straße falsch sind, wato na san ma'aunin titin ba daidai ba ne. A weiß tagwan wasali ne, ß. A dass gajere ne, ss, kuma kibod ba zai hana ka rubuta das ba, tunda ita ma kalma ce. Straße kowane ƙamus na Jamus zai gyara maka. Maße ce wurin haɗari. Da dogon a tana nufin ma'auni, Masse da gajeren a tana nufin tarin abu ko taron jama'a, kuma duka biyun suna cikin ƙamus, don haka ba jan layin da zai gargaɗe ka. Haka Buße, tara ko tuba, da Busse, motocin bas. A irin waɗannan wurare kunne ne kaɗai alƙali.

Saura manyan baƙaƙe. Babu kalmar da ke farawa da ß, amma idan aka rubuta kalma duka da manya ana iya cewa STRASSE, kuma tun 2017 hukumar ƙa'idar rubutun Jamusanci ta amince da babbar ẞ, wato STRAẞE ma daidai ce. Abin da ba a yi shi ne sa B ko β ta Girkanci a madadinta don sun yi kama. Ba lallai ne injin bincike ya gane kalmar ba. Idan fom ya ƙi karɓar haruffan, ana rubuta ss, ae, oe da ue, kamar yadda Müller yake zama MUELLER a layin ƙasan fasfo. Cire ɗigon kawai kuskure ne, domin schon da schön kalmomi biyu ne daban. Kalmar sirri kuwa kada a sa mata ß ko ü, saboda ranar da za a shiga asusun daga kwamfutar kafe mai kibod na Turanci.