Kafin ka sayi suwic mai PoE: lissafin wutar da ke hana kyamara mutuwa da daddare

Wanda kyamarorinsa ke aiki lafiya lau da rana, sannan rana na faɗuwa ɗaya ko biyu su fara ɗaukewa suna dawowa, yakan fara zargin kyamarar ne. Sau da yawa kyamarar ba ta da laifi. Suwic ɗin da ke ba ta wuta ta cikin wayar intanet, tsarin da ake kira PoE, shi ne ya gaza, domin an saye shi ana ƙirga kafofin da ke jikinsa, ba a ƙirga wat ɗin da zai iya bayarwa ba.

Lambobi biyu ne suke ruɗa mai saye. A jikin kwali za ka ga an rubuta cewa kowace kafa tana ba da wat 30, kuma kafofin takwas ne. Sai mutum ya ninka a ransa ya samu wat 240. Amma akwai wata lamba a takardar bayani, galibi da ƙananan rubutu, wadda ake kira `PoE budget`, wato jimillar abin da suwic ɗin zai iya rabawa dukkan kafofin a lokaci guda. Tana iya zama wat 65 kacal. Kowace kafa za ta iya ɗaukar 30 ita kaɗai, amma duka daga tukunya ɗaya suke ci. Wannan lamba ta biyu ita ce abin da kake biyan kuɗinsa.

Matakan PoE uku ne, kuma sunayensu na rubuce a jikin kaya. 802.3af na shekarar 2003 yana fitar da wat 15.4 daga suwic, na'ura kuma ta dogara da 12.95. 802.3at na 2009, wanda ake kira PoE+, yana fitar da 30, na'ura ta samu 25.5. 802.3bt na 2018 yana kaiwa 60 ko 90. Tazarar da ke tsakanin abin da suwic ke fitarwa da abin da na'ura ke samu ita ce wutar da aka ware don ta ɓace a hanya, ta zama zafi a cikin waya mai tsawon mita 100. Shi ya sa lambar da ke jikin kyamara da lambar da suwic ke ƙirgawa ba sa zuwa daidai.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. Mutum yana da kyamarori shida da na'urorin waifai biyu irin na maƙalawa a silin. Takardar kowace kyamara ta ce iyakar abin da take ja wat 9 ne, ta waifai kuma wat 20. Ya sayi suwic mai kafa takwas da kasafin wat 65. An haɗa da hantsi, komai ya kama. Dalili kuwa, da rana kyamara ba ta kunna fitilun ganin dare, a ce wat 4.5 take ja, shida sun tashi 27. Na'urorin waifai ba su da cunkoso, a ce 9 kowace, 18 ke nan. Jimilla 45, ƙasa da 65 sosai. Mai haɗawa ya gwada, ya ga hoto, ya tattara kayansa.

Da almuru sai lissafin ya sauya. Kyamarorin duka suna ganin duhu kusan lokaci guda, suna kunna fitilun IR na ganin dare, kowace ta koma wat 9, wato 54. A daidai lokacin mutane sun hau waifai, kowace na'ura ta kai 15, wato 30. Jimilla 84. Suwic ba ya rage wa kowa kaɗan kaɗan don a lallaɓa. Kafa yake yankewa gaba ɗaya, ɗaya bayan ɗaya, har nauyi ya koma ƙasa da kasafi. A yawancin ƙananan suwic, kafa mai lamba mafi girma ce ke fara tafiya. Da ya yanke sai nauyi ya sauka, ya ga akwai sarari, ya mayar da wutar. Kyamara ta tashi, ta duba ta ga duhu, ta kunna fitila, nauyi ya sake haurawa, a sake yanke ta. Haka za a kwana. Idan ka ga kyamara ɗaya ce kullum ke wannan, ka musanya kafarta da ta wata. Matsalar ta koma kan wadda ka kawo waccan kafar, to kasafi ne. Ta bi kyamarar ta farko zuwa sabuwar kafa, to a duba wayarta ko ita kanta.

Lissafin da ya kamata a yi tun farko da iyakar abin da kowace na'ura ke ja ake yin sa, ba da abin da take ja da rana ba. Shida sau 9, 54. Biyu sau 20, 40. Jimilla 94. Ni nakan ƙara kashi 20 cikin ɗari saboda asarar waya da kuma fizgar da na'urori ke yi idan wuta ta dawo suka tashi gaba ɗaya, sai ya zama kusan 113. Ke nan suwic mai kasafin wat 120 ya isa wannan aiki, amma da sharaɗi ɗaya, kuma a nan ne na fi ganin mutanen da suka yi lissafi da kyau suna faɗawa.

Sharaɗin shi ne yadda suwic ɗin ke ƙirga kasafinsa. Idan ka soka waya, kafin ya saki wuta yana gwada ko na'urar ta PoE ce, sannan ya karanta ajinta. Aji 1 wat 4 ne, aji 2 wat 7, aji 3 da aji 0 wat 15.4, aji 4 wat 30. Wasu suwic suna ƙirga abin da ake ja a zahiri. Wasu kuma suna ware wa kowace kafa cikakken rabon ajinta, ko ta ci ko ba ta ci ba. Kyamararmu mai wat 9 ta wuce aji 2, saboda haka 15.4 za a ware mata. Shida sun zama 92.4, waifai biyu na aji 4 sun zama 60, jimilla 152.4. A irin wannan suwic, ko mai kasafin 150 ka saya, na'ura ta ƙarshe ba za ta kama ba sam, alhali a zahiri ba a kai wat 100 ba. Alamar wannan ta bambanta da ta farko: babu ɗaukewa da dawowa, na'urar ƙarshe ce kawai ke ƙin tashi. Suwic masu shafin saiti galibi suna barin ka ka zaɓi hanyar ƙirgar, kuma idan aka kunna LLDP, tsarin da na'ura ke gaya wa suwic bayananta, na'urar da ta iya za ta faɗi ainihin buƙatarta a rage mata rabon.

To me za a saya? Hanyoyi huɗu ake da su, kuma ba daidai suke ba a wurina.

Suwic mara saiti shi ne mafi sauƙin kuɗi, kuma idan kasafinsa ya wuce lissafinka da rata, zai yi shekaru ba ka tuna da shi ba. Aibinsa shi ne ba ya magana. Ba za ka ga ko wat nawa kowace kafa ke ja ba, iyakarsa wata fitila mai suna `PoE Max` da ke kamawa idan an kusa cika. Ba kai ke zaɓar wanda za a yanke ba. Idan shi za ka saya don misalinmu, ka tabbatar daga takardarsa yadda yake ƙirga, in ba ka samu ba ka ɗauki lissafin aji ka nemi wanda ya haura 152.4.

Suwic mai saiti shi nake ba da shawara da zarar na'urori sun kai takwas, ko kuma kyamarorin tsaro ne da ba a so su yi giɓi. Yana nuna maka abin da kowace kafa ke ja, yana rubuta lokacin da ya yanke da dalilinsa, yana barin ka ka ba kyamarar ƙofar shiga fifiko a kan waifai na ɗakin taro. A suwic ɗin Cisco, umarni ɗaya ke nuna kasafi, abin da aka ware da abin da ya rage:

```
show power inline
```

Ka duba shi da daddare, lokacin da fitilun suke kunne. Kana kuma iya kashe kafa ka kunna daga nesa, ba sai an hau tsani ba.

Injekta, wato ƙaramin akwatin da ke zuba wuta a waya ɗaya, magani ne ga wanda ya riga ya sayi ƙaramin suwic. A misalinmu, a ɗauke waifai biyu a ba kowace injekta ta wat 30, sai kyamarori shida su rage a kan 65 da buƙatar 54. Zai yi aiki idan suwic ɗin na ƙirga zahiri ne, amma idan aka ƙara kashi 20 ɗin nan, babu wurin kyamara ta bakwai. A nan akwai haɗari da ya kamata a faɗa da babbar murya: akwai injekta da ake rubuta wa `Passive PoE`, galibi mai bolt 24, wadda ba ta gwada komai, tana sakin wuta ga duk abin da aka soka. PoE na ƙa'ida tsakanin bolt 44 da 57 yake aiki. Kyamarar ƙa'ida ba za ta tashi da 24 ba, na'urar 24 kuma tana iya ƙonewa idan aka haɗa ta da irin wannan injekta mai 48. Ka nemi 802.3af ko 802.3at a rubuce.

Rakoda, wato na'urar da ke adana hoton kyamarori, mai kafofin PoE a bayanta tana da daɗin haɗawa, amma ita ma tana da nata kasafin, kuma don kyamarori aka yi kafofin, ba don waifai ba. Idan akwai kyamara mai juyawa ko mai hita a ciki, a duba iyakar kafa ɗaya, domin irinsu sukan buƙaci PoE+ ko fiye.

Akwai ɗaukewar da ba ta da alaƙa da kasafi, kuma babban suwic ba zai gyara ta ba. Na'urar waifai da ke son 802.3at idan ta samu af kawai, wasu sukan kashe rediyo ɗaya ko kafar USB su ci gaba a raunane, wasu kuma su mutu duk lokacin da mutane suka yi yawa. Sai waya. Wayar da aka rubuta wa CCA alminiyam ce da aka shafa wa jan ƙarfe a sama, tana tauye wuta fiye da jan ƙarfe zalla da sama da rabi, kuma tana karyewa a bakin kai. A mita 20 ba za ka gane ba. A mita 85 ƙarfin wutar da ke isa kyamara zai faɗi daidai lokacin da fitilu suka kama, ta mutu, alhali suwic yana nuna rabin kasafinsa bai taɓu ba. Gwajin mai sauƙi ne: sauko da kyamarar, haɗa ta da guntuwar waya kusa da suwic, rufe idonta da hannu har fitilun su kama. Idan ta tsaya daram, wayar da ke cikin bango ko kan da ruwa ya shiga ne. Kafin ka sayi nadin waya, ka kankare sili ɗaya na cikin wayar da wuƙa. Idan cikinsa fari ne, ajiye shi.

Abu na ƙarshe da ke yaudara shi ne saitin da wasu suwic ke kira `PD Alive` ko `PoE Watchdog`. Aikinsa ya yanke wa na'ura wuta ya mayar idan ta daina amsawa. Idan aka sa masa adireshin IP da ba na kyamarar ba, ko aka ba shi lokacin jira da bai kai wanda kyamarar ke ɗauka kafin ta gama tashi ba, shi da kansa zai riƙa kashe lafiyayyar kyamara. Bambancinsa da matsalar kasafi shi ne ba ya jiran dare, kuma tazarar ɗaukewar daidai take kamar agogo. Ka kashe shi na kwana ɗaya ka duba abin da rakoda ta ɗauka.