n^10 ko 2^n: wace hanya zan yi amfani da ita wajen gwada wanda ya fi girma?

Ɗalibai sun dame ni da tambaya wai idan za su nuna 2^n na wuce n^10, su bi dokar L'Hôpital ko su bi hanyar rabon jere. To ga yadda nake kallonsu.

Da farko kar ido ya yaudare ku, a n=10, n^10 biliyan 10 ne amma 2^n 1024 kawai, sai a n=59 ne 2^n ke shan gaba kuma ba ya sake komawa baya.

L'Hôpital dai aikin haƙuri ne. Ka ɗauki x^10/2^x ka yi ta difarenshiyeshan sama da ƙasa har sau 10, sama ya koma 10! wato 3628800, ƙasa kuwa (ln 2)^10·2^x ne, tana ta girma, limit ɗin ya zama 0. Haɗarinta shi ne kowane zagaye sai ka duba har yanzu ∞/∞ ne, kuma da yawa suna manta ln 2 ɗin nan, wallahi nan ake zubar da maki.

Ita hanyar rabo layi ɗaya ce, ka ɗauki a(n) = n^10/2^n, ka raba a(n+1) da a(n) sai ka samu (1+1/n)^10/2, wanda ke tafiya zuwa 1/2. Ma'ana can gaba kowane mataki kusan raba adadin biyu yake, dole ya gangara sifili. Nan ne ma za ka ga dalilin da idonka. Amma fa a kan lambobi cikakku take aiki.

Mai jarabawar kalkulas da aka ba shi x, L'Hôpital ta fi masa. Mai karatun jere ko auna saurin algoridim, ya riƙe rabo.