Layi a kan ɗigogi: a mai da giradiyan sifili ko a bi gangare?

Tambaya: "'Yan uwa, ina da ɗigogi na x da y, ina son layin da ya fi dacewa da su. In mai da giradiyan sifili in warware, ko in bi gangare taku-taku kamar yadda ake yi da kwamfuta?"

Ɗan uwa, mai da shi sifili kawai. Da wannan hanya na yi aikin kammala karatuna, daga ni sai biro da tsohuwar kalkuletata, kuma malamin da ya duba ya bi lissafin layi-layi ya gamsu.

Layinka shi ne y = a + bx. Kowane ɗigo yana da tazara da layin, sai a ninka kowace tazara da kanta a tara, a sami S = Σ(y − a − bx)². Babu wani sharaɗi a kan a da b, don haka inda S ya fi ƙanƙanta dole giradiyan ɗinsa, wato ∂S/∂a da ∂S/∂b, su zama sifili. Daga nan lissafi biyu ke fitowa:

na + bΣx = Σy
aΣx + bΣx² = Σxy

A ce x awoyin da janareta ya yi ne, y kuma litar man da ya sha: (1, 2), (2, 3), (3, 5), (4, 6). Nan n = 4, Σx = 10, Σy = 16, Σx² = 30, Σxy = 47. Ke nan 4a + 10b = 16, sannan 10a + 30b = 47. Warware su, b = 1.4, a = 0.5.

Kada ka tsaya nan, gwada amsar. Layin ya ba da 1.9, 3.3, 4.7, 6.1, tazarar kuwa 0.1, −0.3, 0.3, −0.1. Jimlarsu sifili ce, haka ma idan ka ninka kowace da x ɗinta ka tara. In ɗaya ya ƙi zama sifili, akwai kuskure a lissafinka. Kuma wannan wuri ƙasan kwari ne tabbas, wato inda S ya fi ƙanƙanta, domin nΣx² − (Σx)² ya fi sifili, nan 20 ne. Ba ya zama sifili sai duk x ɗinka iri ɗaya ne, lokacin kuwa babu amsa guda.

Bin gangare yana da ranarsa idan abubuwan da ake nema sun yi yawa ƙwarai. A nan wahala ce: da S ɗin nan, taku 0.03 ma ya yi yawa, lissafin sai ya riƙa nisa da amsar.

In za ka sayi kalkuleta mai wannan aiki, yi hattara, jabu sun cika kasuwa. Shigar da ɗigogin nan huɗu a gaban mai shago, in ba ta ba ka 0.5 da 1.4 ba, ajiye masa kayansa.