Albam ɗin bikin ƙanwata: mai hoton ya iya sauya bayan hoto, sai dai mayafi ya ba shi wahala

Mai hoton da ya yi mana aikin bikin ƙanwata ba ɗan birni ba ne. A ƙauyensu da ke yankin Bichi ya fara sana'ar, inda yake rataya atamfa a katangar ƙasa ya tsayar da amarya a gabanta. Ya ce mana ranar da ya kawo wankin hoto cikin Kano ya ga wani yaro ya cire mutum daga tsakar gida a kwamfuta ya ajiye shi a wani falo, bai koma gida ba sai da ya roƙi a koya masa. Wannan aikin muka biya kuɗi ya yi mana, domin a tsakar gidanmu da ke Gwammaja aka yi kamu, kuma bayan amarya babu komai sai tankin ruwa da igiyar shanya.

Abin da ya fara burge ni shi ne tun wajen ɗauka yake shirya aikin. Ya janye amarya kamar taku uku daga bango, don kada inuwarta da launin fentin su zauna a jikin kayanta. Ya juyar da ita hasken yamma ya faɗo mata ta hagu, ya ce: "Hajiya, duk bayan da zan saka mata, dole shi ma haskensa ya zo ta hagu, in ba haka ba ido zai gane ko da mai idon bai san dalili ba." Gaskiya ya faɗa. A shafin da ya ajiye ta gaban wani soro mai zanen dagi irin na cikin birni, inuwar soron da tata sun kwanta gefe guda, har ya zana 'yar inuwa a ƙarƙashin takalminta. Rashin wannan inuwar ce ke sa ka ga ango kamar yana lilo a iska a albam ɗin mutane da yawa.

A Photoshop yake aiki. Ango bai ba shi wuya ba, tun da babbar riga da hula gefensu a fili yake: ya bi su da Pen Tool, ya sassauta bakin da Feather na ɗigon hoto, wato fiksel, 1 ko 2 don kada ya zama kamar yankan almakashi.

Mayafi ne matsalar. Na amaryarmu raga ce shara-shara, ana hango abin da ke bayanta ta cikinsa. Ya cire bangonmu mai koren fenti daga kewayenta, amma koren da ke leƙowa ta cikin ragar ya zauna. Sai ga amarya a falo mai ruwan zinariya, mayafinta kuwa da kore-kore daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu. A fuskar waya ba a gani. Sai da aka buga a takarda ya fito, ya kuma ɓata min rai, don shi ne hoton da Umma ta fi so. Da na mayar masa bai yi musu ba. Ya sake bin wurin da Select and Mask, abin da ake tace gefen hoto da shi a Photoshop, ya rage koren a daidai mayafin kaɗai, ya sake buga shafin ba tare da ya karɓi ko kwabo ba. Ya gyaru sosai, ko da yake mai lura zai ga ragar ta ɗan yi duhu. Wadda za ta sa irin wannan mayafi ta tsaya gaban fari ko tokan bango tun farko, ta huta.

Akwai kuma hotunan da ƙawaye suka turo ta WhatsApp don a saka. Ya ƙi yawancinsu, na ji haushi a lokacin, amma lissafinsa daidai ne. Bugu mai kyau yana son ɗigo 300 a kowane inci, ke nan shafi mai tsayin inci 12 yana buƙatar fiksel 3600. Hoton da aka turo kai tsaye an matse shi, bai kai nan ba, kuma idan aka ɗora shi kan baya mai kaifi sai fuska ta fito dishi-dishi. Waɗanda aka sake turowa a matsayin Document su ne suka shiga.

Inda muka saɓa shi ne yawan sauyin. Hannunsa ya faɗa, yana so kowane shafi ya koma fada ko lambu. Na hana shi taɓa hotunan lalle da na ranar kai amarya, inda gwaggo ke riƙe da hannunta a bakin zauren gidanmu. Nan amarya ta tashi, kuma 'ya'yanta za su so ganin zauren yadda yake.

Zan sake kiransa bikin ƙanenmu, da sharaɗin ya buga mana gwajin duk hoton da ke da mayafi a ƙaramar takarda kafin a haɗa albam.