Wayar sabon ɗaki: biyu da rabi ko huɗu?

Wanda ya ƙara ɗaki a ƙuryar gida, in ya shiga babbar kasuwar Maradi neman waya, yawanci tambaya ɗaya mai shago zai yi masa: "Alhaji, akwai kilim a ɗakin?" In ya ce akwai, a miƙo masa biyu da rabi. In ya ce babu, ɗaya da rabi. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce mita nawa ke tsakanin ɗakin da akwatin rarraba wuta na gidan, alhali ita ce ke raba gardama a gidajenmu masu dogon fili.

Lambobin nan, 1.5 da 2.5 da 4 da 6, faɗin bakin jan ƙarfen ne da ke cikin roba, a ma'aunin milimita murabba'i. Abu biyu ake nema ga waya. Na farko ta ɗauki kayan ɗakin ba tare da ta yi zafi ba. Na biyu ta isar da wutar da ƙarfinta, kada ya zube a hanya. Waya na iya cika sharaɗin farko ta faɗi a na biyu.

Mu ɗauki ɗakin amarya da aka gina a bayan gida, mita 35 daga akwatin. Ba tazarar ido ake aunawa ba: a bi hanyar da wayar za ta bi, hawa bango da zagaye kwana da saukowa duka a ciki. A ɗakin za a sa ƙaramin kilim mai cin wajen wat 1200, da dutsen guga shi ma kamar haka, da firji da fanka da talabijin da fitilu. In aka haɗa, da ɗan sarari, wat 3000 ke nan. A raba da volt 220 da NIGELEC ke ba gidaje, a samu kusan amfiya 14.

Wayar 1.5 tun nan ta fita. A cikin bututu tana ɗaukar wajen amfiya 17, amma wannan lissafi na iska mai zafin digiri 30 ne. Wanda ya taɓa leƙa tsakanin silin da kwano a watan Afrilu ya san 50 ba abin mamaki ba ne a wurin. A wannan zafi, waya mai robar PVC kashi 71 cikin 100 kawai na ƙarfinta ke saura, wato ta koma wajen amfiya 12. Ta 2.5 ta sauko daga 24 zuwa 17, ta 4 daga 32 zuwa wajen 22. Ke nan ta fuskar zafi, biyu da rabi ta isa amfiya 14, kuma nan ne mai shago ya tsaya.

Sai maganar zubewar ƙarfi. Wuta tana zuwa ta waya ɗaya ta koma ta ɗaya, shi ya sa ake ninka tsawon biyu:

```
ΔU = 2 × L × I × 0.0225 / S
```

ΔU shi ne volt ɗin da ake rasawa a hanya, L tsawo ne a mita, I amfiya, S kaurin waya, 0.0225 kuwa turjiyar jan ƙarfe ce idan ya ɗauki ɗumi. A ɗakinmu, 2 sau 35 sau 14 sau 0.0225 ya ba da 22. Sai a raba da kauri. Da 1.5 za a rasa kusan volt 15. Da 2.5 kusan volt 9. Da 4 volt 5 da rabi, da 6 kuma bai kai 4 ba.

Ƙa'idar Faransa ta NF C 15-100 ta yarda da asarar kashi 3 cikin 100 ga fitilu, kashi 5 ga sauran kaya. A kan 220, volt 6.6 da volt 11 ke nan. Wayar da ke zuwa sabon ɗaki ita ke ɗauke da fitilu da kilim gaba ɗaya, don haka da ƙaramar iyakar za a auna ta, kuma a tuna wayoyin cikin ɗakin ma za su ci nasu rabo. Biyu da rabi ta ƙetare iyaka. Huɗu ta shiga.

Wani zai ce volt uku ko huɗu me za su canza. Da wuta na zuwa 220 cif kullum, da ba sosai ba. Amma a lokacin zafi, da magariba, kowa ya kunna kayansa, akwai unguwannin da abin da ke isowa ƙofar gida ya riga ya yi ƙasa. Kuma injin kilim na tsohon yayi, a daƙiƙar da zai tashi yana jan ninki huɗu ko biyar na abin da ya saba ci. Amfiya 30 a kan 2.5 mai tsawon mita 35 na zubar da kusan volt 19 a take. Nan ne za ka ga fitila ta dushe, injin ya yi gurnani, ya yi ƙas ya tsaya, bayan ɗan lokaci ya sake gwadawa. Sai a ɗora wa mai gyaran kilim laifi, ko a sayo na'urar daidaita wuta, wadda ita ma ƙarin amfiya take ja ta siririyar wayar.

Ni a wannan ɗaki huɗu zan saya. Da mita 15 ne, biyu da rabi ta wadatar, asararta ba ta kai volt 4 ba. Shida kuwa sai in akwai niyyar ƙara ɗaki na biyu, ko murhun lantarki, domin tona ƙasa karo na biyu ya fi bambancin kuɗin ciwo. A cikin ɗakin a sa ƙaramin akwati, a raba: 1.5 ga fitilu da fanka, 2.5 ga wuraren jona kaya, kilim da layinsa shi kaɗai.

Duk lissafin nan na jan ƙarfe ne na gaske mai cikakken kauri, kuma a nan ake cutar mutane. Akwai waya mai araha wadda alminiyam ce aka yi wa rigar jan ƙarfe. Turjiyarta ta fi da wajen kashi 60 cikin 100, don haka 4 ɗinta daidai take da 2.5 ta gaske, 2.5 ɗinta kuma kusan 1.5. Ka ce wa mai shago ya yanko maka ɗan guntu, ka kankare da wuƙa. In fari ya bayyana a ƙarƙashin ja, ajiye ta. Ɗaga naɗin ma ka ji: jan ƙarfen da ke cikin mita 100 na 2.5 ya ɗara kilo 2, ban da roba. Akwai kuma mai roba da kauri, ƙarfe siriri. Mai aikin wuta da ke da na'urar awo zai gano ta nan take: mita 100 na 2.5 kamata ya yi su nuna wajen om 0.74, na 4 kuma 0.46.

In wayar za ta ratsa tsakar gida ta ƙarƙashin ƙasa, ba wayoyin nan ɗaiɗai na cikin bango ake binnewa ba. A nemi baƙar nan mai riga biyu da aka rubuta wa U-1000 R2V 3G4, wato zare uku na 4 har da na ƙasa mai launin kore da rawaya. A zura ta cikin bututu, zurfin aƙalla santimita 50, guda ɗaya ba ɗori, don a wurin ɗori ruwan damina ke shiga.

Abin yanke wutar da za a sa a farkon layin da waya ake auna shi, don ita yake tsaro. Ga 4 da ta bi wuri mai zafi, amfiya 20 ya yi, a haɗa da mai yankewa in wuta ta zurara, na miliamfiya 30. Kafin a ja layin kuma a duba amfiya nawa aka yi yarjejeniya da NIGELEC a kai, domin in ƙarami ne, ranar da guga da kilim suka haɗu gidan duka zai mutu, komai kaurin wayar da aka binne.